Ina koyar da jimloli goma a minti ɗaya, amma masu kallo ba sa kaiwa ƙarshe

Mai neman shawara:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Wata huɗu ke nan ina yin gajerun bidiyo na koyar da Hausa ga baƙi da matafiya, bayan da na yi shekaru ina koyar da mutane ɗaiɗai, har wani ɗalibina ya matsa mini cewa in riƙa ɗauka ina sakawa. Da fari na ƙi, domin ba na son ganin fuskata a hoto, daga baya kuma na ari wayar ƙanina, wadda ta fi tawa kyan hoto, na yi guda 23. A kowane bidiyo ina kawo jimloli goma cikin minti ɗaya, in faɗi jimla, in faɗi fassararta, in wuce. Na gama gaisuwa, da ƙirga, da launuka, da ranakun mako, yanzu kuma dabara ta ƙare mini, ga shi yawancin masu kallo suna ficewa tun kafin jimla ta huɗu. Wane irin bidiyo zan yi nan gaba?

Tsohuwar malamar harshe:
Wa alaikumus salam, Malam. Ba ka gaya mana ko su wane ne masu kallon naka ba, ko kuma da wane harshe kake yi musu fassara, amma ko ba ka faɗa ba ciwon a fili yake: jerin kalmomi kake karantawa, ba magana kake koyarwa ba. Launuka da ranakun mako babi ne na littafi, matafiyi kuwa ba babi yake nema ba, so yake ya fita daga wani hali da ya sami kansa a ciki. Ka ɗauki hali guda ka ba shi bidiyo guda, sa'annan ka koyar da amsar da za a ba shi, domin nan ne masu irin wannan aiki suka fi yin sake. Wanda ya haddace "ina tasha take?" amma bai san "miƙe" da "dama" da "hagu" ba, tambayar ba ta amfane shi da kome ba, hasali ma idan ya faɗe ta da kyau sai a zaci ya iya Hausa, a zubo masa bayani mai tsawo.

Ga yadda zan tsara wannan bidiyon a daƙiƙa 40. A daƙiƙa uku na farko a ga mutum da jaka yana waige-waige, ya tare wani ya ce, "Don Allah, ina tasha take?" Kada ka fara da gabatar da kanka. Wanda aka tambaya ya amsa da saurin da mutane suke magana da shi, "Ka miƙe, sai ka yi dama, ba nisa," yana nuni da hannu. Wannan duka bai wuce daƙiƙa takwas ba. Daga nan ka fito ka maimaita tambayar a hankali sau ɗaya, ka yi shiru na daƙiƙa uku domin mai kallo ya faɗa da bakinsa. Sai ka warware amsar gida uku, kowane yanki da alamar hannunsa. A ƙarshe ka sake nuna wurin, amma wannan karon a ce "ka yi hagu", ka tambayi mai kallo ina matafiyin zai bi, ka jira kaɗan kafin ka nuna. Idan ya nuna hagu da hannunsa, ya koyi abu. Washegari ka bar ginin jimlar yadda yake, ka canza wurin kawai, ya zama asibiti ko masauki ko filin jirgi, ka ga mako guda ya samu daga tambaya ɗaya.

Mai neman shawara:
Na gode, Malama, amma ban zaɓi goma don wasa ba. Mai shirin tafiya nan da kwana uku ba shi da lokacin da zai jira jimla ɗaya kullum, kuma bidiyon da ya fi samun masu ajiyewa a cikin nawa shi ne na gaisuwa goma. Ni kaɗai nake ɗauka, ba ni da wanda zai fito a matsayin mai amsa.

Mai tace bidiyo:
Ni aikina yanka bidiyo da haɗa shi ne, kuma na yarda da Malama a kan daƙiƙa uku na farko, amma batun shiru ban yarda ba ko kaɗan. Shirun daƙiƙa uku a gajeren bidiyo gayyatar ficewa ce, yatsa ba ya jira. Ka buɗe jadawalin da ke nuna inda masu kallo suke barin bidiyonka, za ka ga layin yana faɗuwa a duk inda hoto ya tsaya cik. Shawarata ita ce ka yanke bidiyon zuwa daƙiƙa 15, ka cire kowane numfashi, ka haɗa ƙarshensa da farkonsa yadda zai riƙa juyawa da kansa, wanda yake son maimaitawa ya kalla sau uku. Rashin abokin fitowa kuwa ba hujja ba ce, ka ɗauki kanka sau biyu, sau ɗaya kana duban dama, sau ɗaya kana duban hagu da wata riga daban. Sa'annan ka ɗaga rubutunka zuwa tsakiyar fuskar waya, domin sunan mai shafi da maɓallai suna rufe ƙasa da gefen dama a hoton tsaye.

Tsohuwar malamar harshe:
Ɗana, dabarar riga biyu ta yi, da ta ɗaga rubutu, amma kallo sau uku ba ya maye gurbin faɗa sau ɗaya. Wanda bai taɓa laluben kalma a kansa ya fito da ita ba, gane ta kawai zai yi idan ya ji, ba za ta zo masa ba a lokacin da yake tsaye a gaban mutum. Idan tsoronka hoto ya tsaya ne, a cika shirun da motsi, a sa ɗigo uku suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, ko Malam ya kai hannu kunne kamar mai saurare. Tun a 1967 wani masanin koyar da harsuna mai suna Paul Pimsleur ya fitar da tsarin tuna wa ɗalibi kalma bayan daƙiƙa 5, sai 25, sai minti 2, sai minti 10, tazarar tana ta ƙaruwa har ta kai kwanaki da watanni. Bidiyo mai daƙiƙa 40 yana ɗaukar matakai biyu na farko, sauran kuma sai a bar wa bidiyon gobe, a buɗe shi da jimlar jiya. Kai kuma Malam, ajiye bidiyo ba koyo ba ne, alkawari ne da mutum yake yi wa kansa cewa zai dawo.

Wani ɗan tafiye-tafiye:
Abin da Malama ta faɗa ya taɓa faruwa da ni, ko da yake a wani harshe ne. Na kwana biyu ina haddace jimloli daga irin waɗannan bidiyoyi, na isa na tambayi wani dattijo hanya, ya ji daɗi ya riƙe ni da bayani mai yawa, ni kuwa sai gyaɗa kai nake yi, na bi inda na ga ya fi nunawa, na ɓata kusan awa biyu. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, da na koma na rubuta wa mai bidiyon, bai ko tanka mini ba, sai ma ya sako wani sabo mai jimloli ashirin. Da an koya mini yadda ake cewa "ban gane ba" da "sake faɗa a hankali", da ban sha wannan wahala ba. Ina ganin waɗannan biyun ya kamata su zama bidiyo na farko a kowane harshe.

Wata 'yar'uwa:
Yaya, ni a ganina wayar aro ce matsalar. Ka sayi makirfo ƙarami na maƙalawa a wuyan riga da fitila mai zagaye, za ka ga bambanci.

Ɗalibin nazarin harshe:
Yaya, bai yi kuka da haske ba, amma batun makirfo yana da tushe ta wata fuskar da ba a taɓa ba tukuna. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali, saboda haka baƙon da ya dogara da rubutun da ke fuskar waya zai karanta "wuya" na jiki da "wuya" ta wahala iri ɗaya, alhali na farko daga sama yake sauka ƙasa, ta biyu kuma daga ƙasa take hawa sama. Haka "kuka" na hawaye da "kuka" ta itace. Kowane irin wannan tagwaye bidiyo ne mai zaman kansa: a faɗi kalmar, a nuna hotuna biyu, mai kallo ya zaɓa. Haka ma "kafa" da "ƙafa", idan kiɗa yana tashi a bayan murya ba wanda zai ji bambancin baƙin mai ƙugiya. Ina ba da shawarar a riƙa sa alamar kari a kan kowace gaɓa.

Tsohuwar malamar harshe:
Tagwayen kalmomi dabara ce mai kyau ga wanda zai zauna ya koya, amma matafiyi ba zai taɓa rasa hanya don ya kasa bambanta kukan biyu ba, jimla tana fayyace su. Alamomi a kan kowace gaɓa kuwa tsoratar da shi za su yi, kuma ba zai gan su a kan allon kowace hanya ba. Hannu ya isa, a ɗaga shi a sauke shi tare da murya. Abin da ya fi gaggawa shi ne "ka" da "ki" da "ku", domin wanda ya haddace "ka taimake ni" zai faɗa wa mace haka nan, kuma ina kyautata zaton duk jimlolinka 230 namiji suke yi wa magana.

Mai neman shawara:
Ba duka ba, Malama, a bidiyo na shida na yi bayanin "ki", sai dai shi ne wanda aka fi ƙarancin kallo. Har yanzu ina ganin idan na koma jimla ɗaya, waɗanda suka saba da goma za su ce na rage musu. Wataƙila in yi biyar. Amma idan biyar ɗin ne, shirun zai shiga bayan kowace jimla, ko a bar shi sai ƙarshe?

Mai tace bidiyo:
Shiru biyar daƙiƙa 15 ke nan babu magana, ka dai duba jadawalinka bayan ka saka.

Wani ɗan tafiye-tafiye:
Ni dai ko nawa za ka yi, a sa "ban gane ba" a ciki.