Ta yaya zan gane sunan da ba ya ɗaukar jam'i a Turanci?

Jama'a, ku taimaka mini. Ina shirin jarrabawar WAEC, kuma kullum malaminmu sai ya ja jan biro a insha'ina. Jiya na rubuta "She gave me many advices", ya soke, ya ce "a lot of advice" ko "two pieces of advice". Haka ya yi wa "informations" da "equipments".

Abin da ya ɗaure mini kai, mu muna cewa shawara da shawarwari, bayani da bayanai. Kuma "suggestions" daidai ne, alhali ma'anarsu kusan ɗaya! Na gwada sa "a" gaban kalma in ji ko ta zauna, amma kunnena ya riga ya saba da "an advice". Akwai wata dabara kafin in buɗe ƙamus in nemi alamar [U], ko sai hadda?