Zagin Wasa Tsakanin Hausa da Turanci: Abin da Aka Tsayar

A wata tattaunawa kan ko zagin wasa tsakanin abokai ya fi zafi da Hausa ko da Turanci, yawancin waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun yarda cewa harshen da aka zaɓa shi ne ke auna nauyin zagin wasa. Idan aboki ya ce wa abokinsa "ba ka da siriyos" ko "kai lokal ne", maganar takan wuce da dariya, domin kalmar aro ba ta ɗauke da nauyin da "sakarai" ko "bagidaje" ke ɗauke da shi a kunnen Bahaushe.

Sai dai an ja kunne a kan akasin haka. Wanda ya bar Hausa ana tsakiyar raha ya koma tsantsar Turanci, yakan zama kamar ya fusata ne ko yana nuna boko, musamman idan abokin nasa bai yi nisa a makaranta ba. A nan dariya kan koma gori, kuma alamarta ita ce abokin ya daina ramawa ya yi shiru. Shawarar da aka bayar ita ce a dawo Hausa nan take, a juya tsokanar a kan kai.

Zagin da ya taɓa iyaye kuwa, a ganina gaskiyar masu cewa Turanci ba ya wanke shi ce ta fi ƙarfi.