Taƙaitawar mahawara kan kasuwar cacar da masu caca ke karawa da junansu

1. An yi ittifaƙi cewa a irin wannan kasuwa, kamar Betfair da aka buɗe a Birtaniya a 2000, kamfani dillali ne kawai. Wanda ya danna Back yana cewa abu zai faru, wanda ya danna Lay kuma yana cewa ba zai faru ba, kuma caca ba ta ƙulluwa sai an samu wanda ya amsa ɗaya ɓangaren.

2. Gargaɗin da aka fi nanatawa ya shafi Lay, domin kuɗin da mutum ya rubuta ba shi ne abin da zai iya rasawa ba. Wanda ya karɓi fam 10 a farashin 3.0, wato kowane fam ɗaya na mai Back zai koma fam uku in ya ci, idan ƙungiyar da ya ce ba za ta ci ba ta ci, fam 20 zai biya, kuma tun farko ake riƙe su daga asusunsa. Idan ta faɗi ko aka yi canjaras, ya samu fam 10, sai a cire la’adar kamfani. In kashi 5 cikin ɗari ce, saura fam 9.50. Daga riba kaɗai ake cire ta.

3. An saɓa kan rufe caca kafin a tashi wasa, wato mutum ya sake yin caca a ɗaya ɓangaren don sakamakon wasan ya daina shafarsa. Wasu sun nuna cewa Back na fam 10 a 3.0, sannan Lay na fam 12 a 2.5, yana barin fam 2 kafin la’ada, ko wa ya ci. Wasu suka ce, kuma hujjarsu ta fi ƙarfi a ganina, farashin yana iya hawa maimakon sauka, kuma a ƙananan wasanni sau da yawa ba a samun mai amsawa.

4. Da dama sun tunatar cewa sunanta dai caca, kuma Musulunci ya haramta ta.