Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: shin ta dace da faɗuwar Songhai?

Ɗalibar Tarihi: Assalamu alaikum. Malaminmu ya ce mu bayyana abin da ya ɗaukaka daular Songhai da abin da ya rushe ta, mu raba tsofaffin dalilai da na nan take. Na buɗe amsata da "sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga", sai ya ja layi a ƙarƙashi ya rubuta: wane ne ƙadangaren? Karin maganar ce ba ta dace ba, ko ni ce ban iya amfani da ita ba?

Na Gaya: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ƙadangaren ai sananne ne, Maroko ce. A 1591 rundunar Sarki Ahmad al-Mansur ta ƙetaro Sahara ƙarƙashin Judar Fasha, ta gamu da Askiya Ishaƙ na biyu a Tondibi, arewa da Gao, babban birnin Songhai. Su da bindiga, mutanenmu da mashi da kwari da baka. Har garken shanu aka koro musu, ƙarar bindiga ta juyo da shanun kan masu su. Ni ban ma ga wata tsaga ba. Wanda ya fi ka makami ya fi ka.

Tsohon Malami: Na Gaya, ka faɗi ranar, ba ka faɗi shekarun da suka haifi ranar ba. Mutanen Judar ba su wuce 'yan dubbai ba, wajen 4,000 ake cewa sun baro Marrakesh, kuma hamada ta ci wasu a hanya. Yaya aka yi 'yan tsirarun nan, a gajiye, suka ci daular da ta mamaye kogin Kwara tun daga Jenne har Dendi?

Koma baya shekara uku kacal. A 1588 rigima ta tashi a Kabara, tashar jiragen ruwan Tumbuktu, inda Balama Sadiƙ, ɗan Askiya Dawud, ya kashe jami'in sarki mai kula da tashar. Abu ya girma, ya kashe ɗan'uwansa Salihu mai riƙe da sarautar Kurmina-fari, wato babban hakimin yamma, sannan ya ɗauko rundunar yamma ya nufi Gao neman gadon sarauta, mutanen Tumbuktu na mara masa baya. Askiya Muhammadu Bani ya rasu ana tsakiyar haka, Ishaƙ ya hau, ya murƙushe Balama, ya bi manyan da suka goya masa baya da kisa da ɗauri. Rabin sojan daula ne ya ci rabi. Bangon da Judar ya tarar ke nan.

Amma ita ma 1588 kada ki sa ta cikin tsofaffin dalilai, 'yata. Tsohuwar tsagar tana can 1528, lokacin da Musa ya tuɓe mahaifinsa Askiya Muhammadu, tsoho ya makance. Daga nan ba a taɓa samun tsayayyar ƙa'idar gado ba. Askiya takwas suka yi mulki tsakanin wannan da Tondibi, da yawansu an tuɓe su ko an kashe su. Abin mamaki shi ne maganin da ya gina daular shi ya zama cutar. Sonni Ali ya ci Tumbuktu da Jenne da dawaki da jiragen ruwa, Askiya Muhammadu da ya karɓi mulki a 1493 ya ɗaure ƙasar da sarautu, ana ɗora 'yan gidan sarki a kan manyan larduna, kowa da rundunarsa. In sarki mai ƙarfi ne, waɗannan ginshiƙai ne. In ya raunana, kowane ginshiƙi ɗan takara ne mai sojoji a hannu.

Magini: Ni dai ba ɗan boko ba ne, gini nake yi, kuma a sana'ata karin maganar nan tana da gyara. Ƙadangare bai taɓa kayar da bango ba. Shiga yake ya kwana. Kuma tsaga iri biyu ce. Akwai ta yaɓe, wadda za ta shekara ashirin tana kallonka ba abin da zai faru, akwai ta gindi, inda laima ta ci tushe, wannan ruwan Agusta ɗaya ya ishe ta. Gidan kawuna haka ya zube, kowa ya ce ruwan daren ne, alhali magudanar da ke gindinsa ta yi shekara biyar tana cinsa. In kuna son kwatanta Maroko, ku kira ta mamakon ruwa.

Ɗalibar Tarihi: To Baba Magini, a tarihi ta yaya zan gane tsagar yaɓe da ta gindi?

Tsohon Malami: Magini ya kama ni, kuma na yarda. Gwajin da nake ba ɗalibai shi ne a cire dalilin, a tambaya ko abin zai faru duk da haka. Cire Judar: shin Songhai za ta faɗi a 1591? Ba na tsammani, Ishaƙ ya riga ya ci yaƙin gida. Cire yaƙin 1588: shin Judar zai ci nasara? Wataƙila a filin Tondibi, amma riƙe ƙasar zai fi masa wuya. Sannan ga abin da ke hana ni sakin baki a kan rigimar gado. Askiya Dawud ya hau a 1549 ya yi shekara 33, daula na cikin ganiyarta, bayan duk tuɓe-tuɓen nan. Dalilin da daula ta rayu da shi shekara 60 ba zai iya bayyana shi kaɗai me ya sa ta faɗi a wannan shekarar ba. Yana gaya miki inda za ta tsage ne, lokacin kuwa sai kin nemo shi a wani wuri.

Bakabe: Ni abin da na sani, mu ne muka fara tsaga bangon. Kanta ya ɓalle daga Askiya Muhammadu bayan yaƙin Agadas, kan rabon ganima, kuma Songhai ba ta iya mayar da Kabi ƙarƙashinta ba. Karin maganar da ta fi dacewa ita ce "wane mutum, in ji mutuwa".

Na Gaya: Bakabe, kai kullum sai ka kawo Surame, birnin Kanta. Shekara fiye da 70 tsakanin Kanta da Tondibi fa. Wannan ita ce tsagar yaɓen da Magini ke faɗa. Malam, har yanzu ina kan bindigata. Kuma kun manta gishirin Tagaza, wanda Maroko ta daɗe tana neman ƙwacewa tun kafin al-Mansur, da zinariyar da yake kwaɗayi bayan Maroko ta karya Turawan Fotugal a 1578. Ashe ƙadangaren ma yana da nasa tsofaffin dalilan.

Tsohon Malami: Wannan gaskiya ne, kuma ɗalibai sukan yi kuskuren ɗauka duk abin da ya zo daga waje na nan take ne, duk na cikin gida tsoho. Bindigar ma tana da tsohuwar fuska: a zamanin nan Mai Idris Aloma na Borno ya samo bindigogi da masu koyar da harbi daga wajen Turkawa, Gao ba ta yi ba.

Hajiya Mai Goro: Ni kakata cewa take "da ɗan gari akan ci gari". Babu ɗan gari a labarin nan ne?

Tsohon Malami: Akwai, Hajiya. Wani bawan fada da aka kora zuwa Tagaza ya tsere Marrakesh, ya ce shi ɗan'uwan Ishaƙ ne da aka zalunta, al-Mansur ya sami hujjar da yake nema. Sai dai ban san inda za a sa shi a karin maganar ɗalibarmu ba, tsaga ne ko ƙadangare.

Magini: Gara ce, Malam. Daga ciki take ci.

Ɗalibar Tarihi: Na gode, iyayena. Zan bar karin maganar, in rubuta a ƙasanta inda ta gaza. Amma 1588 har yanzu ban san layin da zan sa ta ba, kuma gobe ake karɓar takardar.