Bayanin shafin mai zane: me ake rubutawa, me ake cirewa?

Hauwa Kurna: Salamu alaikum 'yan zaure. A duba min bayanin da ke saman shafina na Instagram. Aikina zanen tambari da sitikar kaya, amma tambayar da ta fi zuwa min ita ce "me kike sayarwa?" Ga abin da na rubuta: "Allah ne gatana. Mai zane iri-iri: tambari, fulaya, bana, kati, kalanda, gyaran hoto, komai da komai. Inganci shi ne takenmu. DM."

Malam Sani Fagge: Wa alaikumus salam. Hauwa, ai bayanin ne ya jawo tambayar. Kin jero abu shida kika rufe da "komai da komai", mai karatu bai san wanne ne gwanintarki ba. Wurin Bio harafi 150 kacal yake ɗauka, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, don haka layi uku sun isa: me kike zanawa kuma wa kike yi wa, me mutum zai samu kuma yaushe, sai abin da zai yi yanzu in yana so. Su wa suka fi kawo miki aiki?

Hauwa Kurna: Masu turaren wuta da humra, sai masu yaji da kilishi.

Malam Sani Fagge: To su za ki kira da sunansu. Gwada wannan:

Tambari da sitika ga masu turare, yaji da kilishi
Samfurin farko cikin kwana 3
Latsa ƙasa, turo sunan kaya da hoton mazubi

Harafi 120 ne da 'yan kai, kina da ragowar kusan 30. Mai humra in ta ga "turare" ta san an taɓa lissafa sitikar da za ta zagaye ƙaramar kwalba ba tare da bakinta ya hau kan rubutu ba. Kuma ki lura "samfurin farko" na ce, ban ce a gama aiki ba. In kika rubuta "aiki cikin kwana 3", kwastomar da ta sa aka canja kala sau huɗu za ta ɗauko hoton bayaninki ta turo miki ranar ta huɗu.

Abba Ɗanladi: Ni a ganina ta fara da makarantar da ta yi da shekarun gogewa, sannan ta lissafa manhajojin da ta iya. Kalma 150 ai wuri ne mai yawa.

Anti Bilki: Harafi aka ce, Abba, ba kalma ba. Kuma wannan da kake faɗa na takardar neman aiki ne. Mai yaji ba ruwanta da sunan manhaja. Wuri ɗaya yake da amfani: in masu maɗaba'a ne kwastomominka, rubuta CorelDRAW yana gaya musu fayil ɗinka zai buɗu a injinsu ba sai an sake zana shi ba. Hauwa kuwa ba su take nema ba.

Abin da Malam bai taɓo ba shi ne layin Name, wanda yake fitowa dabam da Bio. Shi ne binciken Instagram yake kamawa sosai. In sunanki kaɗai ke wurin, sai wanda ya riga ya san ki ne zai same ki. Ki sa suna, sana'a da gari, kamar `Hauwa | Logo Design Kano`. Ki yi tunani kafin ki adana, domin sau biyu kawai ake bari a canja shi cikin kwana 14. Sannan ki guji haruffan nan masu ado da ake kwafowa daga wasu shafuka: a ido suna da kyau, amma bincike ba ya karanta su a matsayin haruffa, wasu wayoyin ma akwatuna suke nunawa.

Nura Zinder: Anti, me ya sa da Turanci? A nan wajenmu wanda zai nema da Faransanci zai rubuta, ko da Hausa.

Anti Bilki: Gaskiyarka. Ka'idar ita ce kalmar da kwastomanka yake bugawa a waya, ba wadda ta fi maka daɗi ba. A Kano "logo" suke bugawa ko da "tambari" suke faɗa. Sauran bayanin sai ya tafi da Hausa.

Abba Ɗanladi: To batun tuntuɓa, ta rubuta lambar waya a ƙarshen bayanin kawai, an wuce wurin.

Malam Sani Fagge: Ta fi "DM" nesa ba kusa ba, domin saƙon wanda ba ki bi yana faɗawa cikin Requests ne, ya kwana biyu ba ki gani ba. Amma lamba tana cin harafi 11, kuma sai mutum ya kwafa, ya adana, ya buɗe WhatsApp, ya nemo sunan. A wannan zirga-zirgar ake rasa mutane. A haɗa adireshin da latsawa ɗaya zai buɗe hira:

```
https://wa.me/234XXXXXXXXXX?text=Salam%20ina%20son%20sitika
```

Bayan 234 sai lambarki ba tare da sifilin farko ba, wato lamba goma. Babu alamar +, babu tazara, babu karan tsaye ko na kwance. Nura, kai 227 ne sai lambobinka takwas. `%20` yana tsayawa ne a madadin tazara, kuma abin da ya biyo bayan `text=` shi zai fito a rubuce a wayar kwastoma, turawa kawai za ta yi. Kuskure biyu ake yawan yi. Na farko barin sifilin, sai WhatsApp ya ce lambar ba daidai ba ce. Na biyu liƙa adireshin a cikin Bio, inda zai zauna kamar rubutu, ba ya latsuwa. Wurinsa Links. Ana iya sa har biyar, amma na farko ne ke fitowa fili, don haka na WhatsApp ya hau gaba. Ki gwada daga wayar wani kafin ki ce an gama.

Maman Hanif: Ni mai sayen aikin ce, ba mai zane ba. Don Allah ku riƙa sa farashi. In ban ga kuɗi ba sai in ɗauka ya fi ƙarfina in wuce.

Anti Bilki: Ina tare da ke, amma a rubuta "daga naira kaza", kuma na abu ɗaya tak, misali sitika guda. Yana rage masu "nawa ne?" su ɓace.

Malam Sani Fagge: A nan mun rabu, Hajiya. "Daga" ɗin ba a ganinsa, adadin ake riƙewa. Mai turare kala takwas za ta zo da wannan kuɗin a ranta, alhali sitika takwas ce, kowace da girman kwalbarta. Gara farashin ya zauna a Catalog na WhatsApp Business, inda akwai wurin faɗin sau nawa ake gyara da ko kuɗin bugawa yana ciki.

Maman Hanif: Sai na shiga hira kenan kafin in gani, Malam. Kunyar fita ba ciniki ita ke hana mu shiga.

Nura Zinder: Ragowar harafi 30 ɗin nan fa, in ni ne zan sa "Hausa da ƙ, ɗ, ɓ daidai". Yawancin salon haruffan ado ba su da masu lanƙwasa, sai ka ga an buga sitika dubu "ƙamshi" ya koma "kamshi", ko ƙ ɗin ta fito da wani salo dabam a tsakiyar kalma. Wanda aka taɓa yi wa haka zai tsaya a layin.

Hauwa Kurna: Na gode ƙwarai. Na sa layuka ukun Malam da na Nura, wa.me ɗin ya buɗu a wayar ƙanwata. Katin biki fa? Ina samu lokacin bukukuwa, ba na son ya fita gaba ɗaya.

Anti Bilki: Ki buɗe masa Highlight mai suna "Katin biki" a ƙasan bayanin, da samfuri biyar ko shida, ki rufe sunayen amare da lambobin wayar da ke jiki kafin ki ɗora. Batun farashi kuma ki sa na mako biyu, ki cire na mako biyu, ki ƙirga saƙonnin da suka kai ga biyan kafin alƙalami, ki zo mana da lissafin.