Wane suna za mu ba bitamin da ba sa fita da fitsari?

Mai shirin lafiya, Garwa: Salamu alaikum jama'a. Ranar Laraba zan yi magana a rediyo kan multibitamin da masu lafiya ke sha ba likita, na kuma maƙale a kalma guda. A takardar magani ana kiran bitamin A, D, E da K lifosolubul. Na rubuta "masu narkewa a kitse", amma tsohuwar da ke sauraro a Fitowa me za ta ɗauka daga wannan?

Tela, Kuseri: Ai a ce bitamin masu sa ƙiba kawai. Su ne mata ke saya kafin biki.

Ungozoma, Marwa: A'a ɗan'uwa, ba sa sa ƙiba. Ruwan maganin da ake sha don ƙiba galibi siforohebtadin ne a ciki, maganin ƙaiƙayi mai buɗe ciki, aka ɗan zuba masa bitamin. Kitsen da ake nufi a nan wurin ajiya ne. Bitamin C da yawancin dangin B, in sun yi yawa ƙoda na zubar da su, shi ya sa fitsari ke yin rawaya bayan an sha ƙwayar, aikin B2 ke nan. Amma A hanta take zuwa ta zauna, D kuma ta shige kitsen jiki, na yau ya hau kan na jiya. Ni da nake magana da mata a wurin awo, "masu taruwa" nake cewa, sauran kuma "masu wucewa".

Malamin makaranta, Ngaundere: Hajiya, ni "mazauna" ya fi mini daɗin faɗi. Multibitamin kuwa a bar shi haɗin gambiza. Amma dai bitamin abinci ne, ina haɗarin yake in an ƙara?

Ungozoma, Marwa: Malam, bari mu yi lissafi. Mace babba tana bukatar kusan maikirogiram 700 na bitamin A a rana, wajen UI 2,300, wato ma'aunin ƙasa da ƙasa da ake rubutawa a kwalin bitamin. Iyakar da ba a so babba ya wuce kullum ita ce UI 10,000. Wata mai ciki wata biyu ta zo mini da kwalin da aka rubuta UI 5,000 a kowace ƙwaya, tana sha safe da dare wai don jaririn ya yi ƙarfi. Ta riga ta taɓa iyaka ke nan. Ga man hantar kifi da uwar mijinta ta kawo, shi ma A da D ne a ciki, ga tsiren hanta duk mako, alhali giram 100 na hantar saniya kaɗai ya haura iyakar yini. Yawan bitamin A a watanni ukun farko yana iya naƙasa halittar jariri, fuska da zuciya da ƙwaƙwalwa. Na karɓe kwalin na ba ta abin da mai ciki ke bukata, wato sinadarin ƙarfe da folik asid maikirogiram 400. A wanda ba mai ciki ba, alamun taruwar su ne ciwon kai da ba ya tafiya, tsagewar leɓe, bushewar fata, zubar gashi da ciwon ƙashi. Mutum sai ya ce rauni ne, ya ƙaro wani kwalin.

Ta D daban ce. Iyakarta UI 4,000 a rana, in aka daɗe ana zarce ta da nisa sai kalsiyam ya hau a jini: ƙishirwa, yawan fitsari, taurin ciki, har tsakuwar ƙoda.

Tela, Kuseri: To jan kafso ɗin da ake matsa wa yaranmu a baki fa? Mu hana?

Ungozoma, Marwa: Kada ka hana, Allah ya raya su. Ja UI 200,000 ne na 'yan wata 12 zuwa 59, shuɗi 100,000 na 'yan wata 6 zuwa 11. Saboda yana taruwa ne ma ake ba da shi sau ɗaya a wata shida, hanta ta riƙa sakinsa a hankali. Kuskuren shi ne a maimaita cikin wata guda, ko uwa ta haɗiye na yaro. Shi kuwa babba mai lafiya da ke cin miyar zogale, manja, ƙwai da mangwaro, ga man girkin kanti da Kamaru ta wajabta sa masa bitamin A tun 2011, ban ga abin da ƙwayar za ta ƙara masa ba. Bitamin A na manja da karas ba ya yin dafi, iyakarsa tafin hannu ya yi ɗorawa.

Ɗalibin farmasi, Injamena: Inna, ina da ja kaɗan kan "masu wucewa". B12 a ruwa take narkewa, amma hanta na ajiye ta shekaru. B6 kuma in an daɗe ana sha da yawa tana lalata jijiyoyin ƙafa. Kada mutane su ji "wucewa" su ɗauka ba iyaka.

Mai shirin lafiya, Garwa: Na gode. Zan ɗauki "bitamin masu taruwa a jiki" don A, D, E da K. Haɗin gambiza zai sa dariya, Malam, sai dai in ce "haɗaɗɗen bitamin". Ɗaya rukunin ban tsayar ba tukuna, wanda ke da abin da ya fi "masu wucewa" ya kawo kafin Talata da dare.