Tambayoyin intabiyu da takardar maki, a taimaka da shawara

Mai Makaranta: Salam jama'a. Muna neman malamin lissafi na aji huɗu a makarantarmu nan Rigasa, mutum 9 suka kawo takardu. Bara da muka yi intabiyu hira kawai muka yi ta yi, wani mun tambaye shi albashi wani garinsu, ƙarshe wanda ya fi iya baki muka ɗauka, zango ɗaya bai kai ba iyaye suka fara ƙorafi. Ya zan yi bana?

Ɗan Kawo: A ba su jarabawa kawai Malam, wanda ya ci ya ci

Anti Barnawa: Jarabawa daban ce ƙanena, tana nuna ya san lissafi, ba ta nuna ya iya koyarwa. Malam ku rubuta tambaya biyar, kowa su za a yi masa, a jeri ɗaya, minti 20. Amma babban aikin shi ne tun kafin ranar ku rubuta wace amsa ce maki 1, wacce 3, wacce 5. Misali ku ce, yaro ya rubuta 1/2 + 1/3 = 2/5, ya za ka yi da shi? Wanda ya ce kuskure ne amsa 5/6 ce ya yi shiru, 1. Wanda ya nuna a maida na ƙasa su zama 6, wato 3/6 da 2/6, 3. Wanda ya gano yaron sama da sama ya haɗa ƙasa da ƙasa, ya yanka masa lemo ya gani 2/5 ko rabi bai kai ba, sannan ya ba shi wani ya gwada, to wannan 5 ne.

Alhajin Tudun Wada: Haka ne Hajiya, kuma kar a ƙara ko kalma ɗaya a kan tambayar, in ba haka ba an yi son kai.

Anti Barnawa: Alhaji ba har haka ba. Ana ƙari, sai dai shi ma a rubuce, kamar "ba mu misali" ko "sai me ya faru", kowa ya samu. Ku zauna ku uku, kowa ya sa makinsa shi kaɗai kafin a buɗe baki, don in mai makaranta ya fara cewa wannan ya burge ni shikenan sauran sun bi. In wani ya ba da 2 wani 4 a tambaya ɗaya, a koma kan abin da aka rubuta mutumin ya faɗa. In kuma kun ga kowa 3 da 4 yake ta samu, bayanin makin ne bai fito ba.

Ɗan Kawo: To na farko in ya fito ai zai tsegunta wa na waje tambayoyin

Mai Makaranta: Wannan da sauƙi, sai su jira a aji ɗaya, wanda ya gama ya fita ta get ɗin baya. Ni abin da ya dame ni, wanda ya amsa da Hausa amsarsa ta 5 ce amma turancin ya ƙi fa?

Alhajin Tudun Wada: A rage masa mana, ba da turanci zai koyar ba?

Anti Barnawa: Ni dai da na ware wa turanci layinsa daban a takardar, kar ya cinye makin lissafi. Nawa za ku ba layin kuwa, ku kuka san yaranku.